Na ci jarrabawar Faransanci, amma ba na jin abin da 'yan ajinmu ke faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Kano ce, na yi digiri a Faransanci, na kuma ci jarrabawar Faransanci ta DELF B2 kafin na zo Lyon a Faransa yin digiri na biyu. Lacca ina ganewa, jarida ina karantawa, amma da zarar an fita waje 'yan ajinmu sun fara hira sai in koma kamar kurma. Jiya wata ta aiko mini da wannan: *cc tkt y a pas cours demain, le prof est pas là. on s'voit à la BU ? jsp si t'as fini, c relou ce truc mdr*. Rabi kawai na gane. Da na gwada yin irin nasu a saƙon da na tura wa wata malamarmu, na fara da *slt, j'ai pas pu venir*, sai ta amsa cewa ba haka ake rubuta wa malami ba. Kunya ta ishe ni, har na fara guje wa mutane. Shin Faransancin da na koya ne bai da amfani, ko yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da aka koya miki daidai ne, kuma shi ne wanda za ki rubuta kundinki da shi. Sai dai Faransanci yana da riga biyu, ta biro da ta baki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda kika saba da ita a Hausa. Mu ma muna cewa "yai" maimakon "ya yi", muna cewa "na ba shi" ya koma "na bai", muna kuma tura wa juna "slm, ykk, lfy" a waya, amma babu wanda zai rubuta wa shugaban sashensu haka. Abin da ya rage miki shi ne ki san abin da bakin Bafaranshe ke zubarwa, domin zubarwar tana bin ƙa'ida, ba kara-zube ake yin ta ba. Wanda ya san ƙa'idar zai iya mayar da kowace jimla cikakkiya a ransa, ya kuma san wadda zai tura wa wa.

Mu fara da *on*, tunda ya fi komai yawa a kunne. A hira ta yau da kullum a Faransa da wuya ki ji an fara jimla da *nous* a matsayin mai aikin. *Nous allons manger* ya zama *on va manger*, *allons-y* ya zama *on y va*. Bahaushiya tana da sa'a a nan, don *on* ɗan'uwan "an", "ana" da "a" ɗinmu ne. *On dit que* shi ne "an ce". Har irin tambayar da muke yi wa mutum a kaikaice, "an tashi lafiya?", suna da ita: *alors, on a bien dormi ?* Bambancin kawai shi ne su sun ja kalmar har ta gaji kujerar "mu" gaba ɗaya.

Aikatau da ke bin *on* yana ɗaukar siffar *il* ne ko da mutum goma ake nufi: *on est*, *on a*, *on fait*. Wannan kowa ya sani. Inda ake tuntuɓe shi ne sauran kalmomin jimlar, domin *nous* bai mutu ba, ya bar wuri ɗaya ne kawai. Idan aikin ya faɗa a kanku, *nous* ne: *le prof nous a vus*. Idan za a jaddada, *nous* ne: *nous, on reste*, wato "mu dai muna nan". Mallaka ma ta "mu" ce: *on a pris notre voiture*. Idan kika ce *on prend son temps* kin koma maganar kowa da kowa, kamar "mutum ya bi a hankali", amma *on prend notre temps* ku ne ba ku gaggawa. Sai kuma aikatau mai komawa kan mai yi, wanda ke tafiya da *se*: *on se voit demain* shi ne "mu haɗu gobe". Idan kika sa *nous* a wurin kika ce *on nous voit*, kin ce "ana ganin mu", wata magana ce dabam.

Wannan misalin na ƙarshe shi ne ma'aunin da za ki riƙa amfani da shi. Idan kin ji *me* ko *nous* nan da nan bayan *on*, to wasu ake nufi, ba ku ba: *on m'a dit*, an faɗa mini, *on nous a changé la salle*, an canza mana aji. Idan babu su kuma maganar shiri ce tsakanin abokai, "mu" ne. Don haka *on s'voit à la BU ?* tana nufin "mu haɗu a laburare?", BU kuwa gajarcewar *bibliothèque universitaire* ce.

Na biyu, kuma shi ne ya fi jawo rashin fahimta mai tsada, shi ne faɗuwar *ne*. A makaranta an koya miki korewa da ƙafa biyu, *ne* da *pas*, kamar "ba… ba" ɗinmu a "ban zo ba". A baki ƙafar farko tana faɗuwa kusan kullum, ga matasa da manya, har da malaman jami'a idan sun sauka daga kan mumbari. Matsalarki ita ce kunnenki ya saba jiran alamar korewa kafin aikatau. Tunda bai ji ta ba sai ya ɗauka jimlar tabbatarwa ce, kafin ya farga an wuce. Ki mayar da hankalin kunnen zuwa bayan aikatau, nan ne *pas*, *jamais*, *rien*, *personne* da *plus* ke zaune. Idan aikatau biyu ne, kamar a *j'ai pas pu*, korewar tana tsakaninsu, gajeriya ƙwarai.

Akwai tarko uku a nan da ya kamata ki haddace. Babbansu *plus* ne. Da *ne* a wurinsa babu ruɗani: *je n'en veux plus*, ba na son ƙari. Da ya faɗi sai jimlar ta zama *j'en veux plus*, wadda a rubuce take iya nufin "ina son ƙari" ko "ya ishe ni". Baki ne ke raba gardama. Idan an furta *s* ɗin ƙarshe, ƙari ake so. Idan ba a furta shi ba, an ƙoshi ko abin ya ƙare, kuma a saurin magana har *l* ɗin kan tafi, ki ji kamar *pu*. Mai shago da ya ce miki *y en a plus* babu *s* yana gaya miki kayan sun ƙare ne, kada ki tsaya jira ya ɗauko. Ke ma idan ana zuba miki abinci, ki kula da wannan harafi ɗaya, don shi ne tsakanin a ƙara miki da a ɗauke cokali.

Tarko na biyu *que* ne: *j'ai que dix euros* asalinsa *je n'ai que dix euros*, Yuro 10 kacal gare ni. Na uku shi ne *t'inquiète*, wanda ƙawarki ta rubuta *tkt*. Cikakkiyarsa *ne t'inquiète pas*, kada ki damu, an zubar da ƙafafun korewar duka biyu. Abin da ke nuna miki hani ne shi ne matsayin *t'* a gaba. Da umarnin ki damu ne, da *inquiète-toi* za a ce.

Faɗuwar *ne* tana da wani sharri da ke bin mutum har cikin rubutu, har su 'yan ƙasar yana kama su. *On a* da *on n'a* sautinsu ɗaya ne, saboda *n* ɗin *on* yana manne wa wasalin da ke biye. Don haka mutane ke rubuta *on a pas le temps* a takardar jarrabawa ba su lura ba. Gwajin mai sauƙi ne: ki sa *il* a madadin *on*. Idan *il n'a pas* za ki rubuta, to *on n'a pas* ne. Haka *on n'est pas*, *on n'y va pas*.

Bayan *on* da *ne*, abu na uku shi ne haɗiyar sauti, wadda ke sa jimla mai kalma huɗu ta iso kunne kamar kalma ɗaya. Ki bi *je ne sais pas* mataki-mataki. *Ne* ya faɗi, saura *je sais pas*. Wasalin *e* na *je* mai rauni ne, ya faɗi, saura *j'sais pas*. Yanzu *j* ya yi karo da *s*, wanda ba a kaɗa maƙogwaro wajen furta shi, sai *j* ya rikiɗe ya zama irin "sh" ɗinmu ya haɗiye *s* ɗin. Abin da ke fitowa shi ne "she pa", ana rubuta shi *chais pas* idan ana kwaikwayon baki. Hanya ɗaya ce ta mayar da *je suis* "shwi". Gaban *p*, *t*, *k* da *f* ma *je* yana zama "sh", sai dai baƙin da ke biye yana nan: *je pense* ya zama *ch'pense*, *je te dis* ya zama *ch'te dis*. Duk lokacin da kika ji jimla ta fara da "sh" ba ki gane kalmar ba, ki fara zargin *je* ne.

Sauran 'yan gidan ba su da yawa. *Tu* yana rasa wasalinsa gaban wasali: *t'as*, *t'es*, *t'habites où ?* *Il* yana rasa *l* gaban baƙi, ki ji "i vient", *ils ont* kuma ya zama "iz on". *Il* ɗin da ba ya nufin kowa yana ɓacewa ɗungum: *il y a* ya zama *y a*, *il faut* ya zama *faut*, *il ne faut pas* ya zama *faut pas*. Kalmomin da suka ƙare da *-re* ko *-le* bayan baƙi suna yanke wutsiya, shi ya sa *quatre* ke zama *quat'*, *peut-être* ya zama *p'têt*. Tambaya kuma ba a juya ta: littafi ya ce *où vas-tu ?*, titi ya ce *tu vas où ?* Wannan haɗiya ta fi ƙarfi a Paris da Lyon da arewacin ƙasar. Idan kika sauka Marseille ko Toulouse za ki ji suna furta yawancin *e* ɗin nan, kuma wataƙila ki ga maganarsu ta fi miki sauƙi.

Yanzu ki sake duba saƙon. *cc* shi ne *coucou*, gaisuwar ƙawaye. *y a pas cours* shi ne *il n'y a pas cours*, an cire *il* da *ne*. *jsp* haruffan farko ne na *je sais pas*, ki lura ko a gajarcewar babu *n*. *c* sunan harafin ne, wanda ya yi daidai da sautin *c'est*, kamar yadda *g* ke tsaya wa *j'ai*. *mdr* shi ne *mort de rire*, dariya ta kashe ni, ko da yake yawanci murmushi kawai ake nufi. A cikakken rubutu saƙon zai zama: *Ne t'inquiète pas, il n'y a pas cours demain, le professeur est absent. Veux-tu que nous nous retrouvions à la bibliothèque ? Je ne sais pas si tu as fini, ce travail est pénible.* Da ta aiko miki da wannan, da kin gane nan take, amma da 'yan ajin sun ɗauka wasa take yi ko fushi.

Gajarce-gajarcen waya hanya uku suke bi. Ko a cire wasula a bar ƙashin kalma, kamar *slt*, *bjr*, *bcp*, *dsl* da *rdv*, wato *salut*, *bonjour*, *beaucoup*, *désolé* da *rendez-vous*. Ko a ɗauki harafin farko na kowace kalma, kamar *stp* na *s'il te plaît* da *jpp* na *j'en peux plus*, na gaji. Ko a rubuta sauti, kamar *c* da *g* ɗin nan. Idan wata ta gagare ki, ki karanta ta da ƙarfi, in ba ta fito ba ki gwada cusa wasula. Irin masu lamba a ciki, kamar *2m1* na *demain*, ragowar zamanin da saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 160 ne, yanzu sun tsufa. Guda ɗaya zan ja miki kunne a kai: *osef* daga *on s'en fout* yake, "ina ruwan wani", kuma da kaushi. Ki gane shi, kada ki tura shi.

Saura *relou*, wanda ya kawo mu ga *verlan*. Wannan zaurancen Faransawa ne, na juya gaɓoɓi, sunansa ma *l'envers* ne aka juya. Ya yi ƙarfi a unguwannin gefen Paris, ya bazu a shekarun 1980 ta hanyar waƙa da fim, har wasu kalmominsa irin su *meuf* suka shiga ƙamus. Kalma mai gaɓa biyu juya ta kawai ake yi: *merci* ta zama *cimer*, *bizarre* ta zama *zarbi*. Mai gaɓa ɗaya da ta ƙare da baƙi sai an ƙara mata sautin *eu* ta zama biyu, sannan a juya: *lourd* ta ba da *relou*, mai gundura ko takura, *louche* ta ba da *chelou*, abin da ba a yarda da shi ba. Wani lokaci a yanke wasalin ƙarshe bayan juyawar, shi ya sa *femme* ta zama *meuf*, *fête* ta zama *teuf*, *frère* ta zama *reuf*. *Fou* kuwa ta zama *ouf*, *énervé* ta zama *vénère*.

Shawarata a nan a taƙaice take: ki haddace goma zuwa goma sha biyar don ji, kada ki ƙirƙiro naki. Ba kowace kalma ake juyawa ba, kuma ma'ana tana gocewa. *Un truc de ouf* yawanci yabo ne, abin mamaki, ba hauka ba. *Meuf* tsakanin ƙawaye ba laifi, amma a bakin baƙo game da matar da ba ta san shi ba raini ne. Waɗanda suka shafi launi da asali, kamar *renoi* na baƙar fata da *rebeu* na Balarabe, masu su na faɗa wa junansu, amma wanda bai daɗe a gari ba gara ya bar su. *Keuf* kuma, wato ɗan sanda a zaurancen, kada ya fito daga bakinki a gabansa.

Abin da za ki ɗauka a bakinki, ki ɗauke shi bi da bi. Makon nan ki fara da *on* a madadin *nous* a duk hirar da ba ta aiki ba, wannan ba ya ɓata wa kowa rai, har da malami a baki. Bayan ya zauna, ki saki *ne* da 'yan aji da abokan zama. Sannan *y a*, *faut*, *t'as*. "She pa" da "shwi" kada ki tilasta su, saurin magana ne zai kawo su da kansa. Abin da ke tona asirin mai koyo shi ne gauraya matakai a jimla ɗaya: *nous savons pas* yana da banbaraƙwai saboda *nous* na biro ne, rashin *ne* kuma na baki, alhali *on ne sait pas* da *on sait pas* duka suna tafiya lafiya.

Don horar da kunne, ki ware minti 15 kullum. Ki samo guntun hira ta gaske da bai wuce daƙiƙa 30 ba, irin tambayar mutane a titi ko shirin rediyo da masu sauraro ke bugo waya. Ki saurara sau uku, ki rubuta abin da kunnenki ya ji yadda ya ji shi, ko da "shepa" ne da haruffan Hausa, sannan a layin ƙasa ki mayar da shi cikakken Faransanci, ki ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka zubar. Labaran rediyo ba za su yi wannan aikin ba, har da *Journal en français facile* na RFI, domin rubutu ne ake karantawa, da *ne* ɗinsa cif. Rubutun ƙasan fim ma yakan gyara maganar ko ya taƙaita ta, don haka idan ya saɓa da abin da kika ji, ba lallai kunnenki ne ya yi kuskure ba. A cikin hira kuma, *tu peux répéter moins vite ?* da *ça veut dire quoi ?* sun fi yin shiru da gyaɗa kai.

Batun malamar kuwa mai gyaruwa ne, kuma ba sai kin yi dogon ban haƙuri ba. Malaman jami'a a can sun saba yi wa ɗalibai wannan gyaran, har da 'yan ƙasa. Duk wanda kike kira da *vous*, malami ne, ofishin ɗalibai ne, mai gidan haya ne ko banki, to rubutunsa na biro ne ko da ta waya kika tura. Ki aika mata da gajeren saƙo kamar haka:

*Bonjour Madame,*
*Je vous prie de m'excuser pour le ton de mon précédent message. Je n'ai pas pu assister à votre cours de mardi pour des raisons de santé. Pourriez-vous m'indiquer le travail à rattraper ?*
*Cordialement,*

Sai cikakken sunanki da ajinki a ƙasa, ki kuma sa ranar da dalilinki na gaskiya a wurin waɗanda na sa. Kafin ki danna turawa, a wannan saƙon da duk na gaba, ki nemo kowane *pas*, *plus*, *jamais* da *rien* na korewa ki tabbata akwai *ne* ko *n'* a gabansu, ki mayar da *y a* ya zama *il y a*, *ça* ya zama *cela*, *prof* da *dispo* su koma *professeur* da *disponible*. A kundinki kuma, inda kike maganar abin da kika bincika, *nous* za ki sa ko da ke kaɗai kika yi aikin, kamar *nous avons analysé*, ki bar *on* ga magana ta gaba ɗaya irin *on constate que*.